Baki ya rufe, magana ba ta iso ba: jinkirin sautin Bluetooth a talabijin

Tele mai Bluetooth ta shiga gidaje da yawa a Tahoua, ekutar marar igiya kuma ta cika kasuwa, har mai teburin cajin salula za ka ga ya rataya ƴan ƙwarori. Haɗa su ba ya ɗaukar minti guda. Matsalar tana bayyana ne bayan an haɗa: mai karanta labarai a Télé Sahel ya gama jimla ya rufe baki, sannan kalmarsa ta ƙarshe ta faɗo maka a kunne. Ɗan wasa ya buga fanareti, ƙwallo ta riga ta bar ƙafarsa, sannan ka ji ƙarar bugun. Abin da aka fi yi shi ne a ce ekutar ɗin jabu ce, a koma kasuwa a sayo wadda aka rubuta wa Bluetooth 5.3 da Low Latency, wato ƙarancin jinkiri, a kwali, a dawo gida a tarar da jinkirin yana nan inda aka bar shi. Kuɗin ya tafi a banza, domin laifin bai taɓa zama na lambar da ke kan kwalin ba.

Ana auna wannan jinkiri da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kunne da ido ba sa neman daidaito ɗari bisa ɗari. Sauti yana tafiyar kimanin mita 350 a sakan cikin iska mai zafi irin tamu, saboda haka muryar mutumin da ke tsaye mita goma daga gare ka tana iso maka da jinkirin kusan milisakan 30, kuma ba ka taɓa lura ba. Ƙwaƙwalwa ta saba da sauti ya biyo bayan gani. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne sauti ya riga gani. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a kan wannan a 1998: mai kallo yana fara gane saɓani idan sauti ya makara da kimanin milisakan 125, ko kuwa ya riga hoto da 45 kacal, kuma idan makarar ta wuce 185 abin ya fita daga wanda za a iya haƙuri da shi. To, haɗin Bluetooth na yau da kullum tsakanin tele da na'urar kunne yakan kawo jinkirin milisakan 150 zuwa 250. Hotunan tele a ƙasashenmu 25 ne a sakan, kowane ɗaya milisakan 40, don haka jinkirin 200 na nufin hoto biyar sun wuce kafin muryarsu ta iso. Kamar kana sauraren mutum daga nisan mita saba'in ne, alhali fuskarsa tana gabanka.

Daga ina waɗannan milisakan suke fitowa? Mutane da yawa suna zaton siginar ce ke daɗewa a hanya, ko kuma matse sautin da ake yi kafin a tura shi ne ke cin lokaci. Siginar rediyo tana ƙetare ɗaki cikin lokacin da bai kai a lissafa ba. Matsewar ma ba ita ce babbar mai laifi ba. Tsarin matse sauti, wanda ake kira kodek, da kowace na'urar sauti ta Bluetooth dole ta iya shi ne SBC, kuma yana yanka sauti ƙanana-ƙanana, kowane yanki bai kai milisakan uku ba. AAC, wanda na'urorin Apple suke amfani da shi, yankinsa ya fi girma, ya ɗan haura milisakan 20, amma shi ma bai isa ya bayyana 200 ba.

Mafi yawan jinkirin ajiya ce, kuma da gangan aka yi ta. Bluetooth yana aiki a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi da wasu na'urori da dama suke cunkushe. Yana tsalle tsakanin tashoshi 79, har sau 1,600 a sakan, don kauce wa karo, amma duk da haka wasu ƙunshin bayanai suna ɓacewa a iska, sai an sake turo su. Jikin mutum ma yana tare siginar, juya kai kawai kan iya raunana ta. Da na'urar kunne tana kunna kowane ƙunshi da zarar ya iso, da sautin ya riƙa yankewa ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka sai ta tara wani adadi tukuna, ta riƙa kunnawa daga abin da ta tara. Duk wanda ya zauna a unguwar da famfo ke zuwa yana ɗaukewa ya san hikimar: ana cika randa ne don kada a ji yankewar, amma ruwan da kake sha ba wanda ke zuba yanzu ba ne, na ɗazu ne. Randa babba ta fi kare ka daga yankewa, ruwanta kuma ya fi daɗewa a ajiye. Ita ma tele tana da tata ajiyar a ɓangaren turawa. An tsara wannan hanya ce domin sauraren waƙa, kuma mai jin waƙa ba ruwansa da ko ta fara bayan kwata na sakan.

Akwai tambayar da kusan kowa yake yi, kuma tambaya ce mai kyau: me ya sa ekutar ɗin nan ɗaya ba ta makara a salula? Tana makara. Salula ce ke ɓoye abin. A cikin ƙa'idojin Bluetooth akwai hanyar da na'urar kunne ke shaida wa mai turo mata sauti yawan jinkirinta, sai salula ta riƙe hoton daidai wannan lokaci, su fito tare. Bidiyon ya fara a makare da kwata na sakan, amma baki da murya sun dace. Shi ya sa masu wasan gem a salula suke jin jinkirin ƙarara: a can ba a iya riƙe hoto, tunda yatsa ne ke haifar da abin da za a gani nan take. Tele kuwa, musamman idan hoton yana shigo mata daga dekoda ta HDMI, ba kowace ce aka gina ta riƙe hotuna masu yawa haka ba. Wasu suna yi a manhajojin da ke cikinsu amma ba sa yi wa abin da ya shigo daga waje. Idan ka ga fim na cikin tele yana tafiya daidai amma tashoshin dekoda suna makara, wannan ne dalili, ba dekodar ce ta lalace ba.

Nan ne kuma mutane suke ɓata lokaci a menu. Kusan kowace tele tana da wurin daidaita sauti da hoto. A LG sunansa AV Sync Adjustment, a Samsung akwai Digital Output Audio Delay, idan menu na Faransanci ne ka nemi inda aka rubuta synchro ko retard. A mafi yawan tele wannan ma'auni ƙara wa sauti jinkiri kawai yake yi, domin an yi shi ne don matsalar da ta saɓa wa tamu, wato lokacin da hoto ne ya makara. Wanda sautinsa ya riga ya makara, iyakar amfanin da zai samu a wurin shi ne ya tabbatar ma'aunin yana kan sifili. A LG akwai zaɓin Bypass, wanda ke sakin sauti ba tare da tele ta jinkirta shi ba, kuma wannan yakan rage tazarar da gaske.

Dalilin da ya sa Bypass yake taimakawa shi ne mabuɗin duk maganar. Ita ma tele tana makarar da hoto. Kafin ta nuna shi tana gyara launi, tana rage dusashewa, tana sassauta motsi, kuma wannan aiki kan ci milisakan 50 zuwa sama da 100, gwargwadon tele da yanayin hoton da aka zaɓa. Don lasifikarta ta dace da allon, sai ta riƙe sauti daidai wannan lokaci. Abin da ke damun mai kallo kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin hoto da sauti. Idan duka biyun suka makara tare, ba wanda zai sani, sai dai ka ji maƙwabta sun yi ihun cin ƙwallo kafin kai ka gani.

Ga yadda abin ya kasance a gidan wani maƙwabcinmu. Mahaifinsa dattijo ne da jinsa ya yi rauni, ba ya barin labaran dare, kuma ƙarar da yake buƙata tana hana jikoki barci a tsakar gida lokacin zafi. Ɗan ya sayo masa na'urar kunne irin mai rufe kunnuwa, ya haɗa da Bluetooth na cikin tele. Dattijon ya sa ta dare biyu ya ajiye.

"Baba, ba ta da ƙara ne?"

"Ƙara akwai. Amma mutumin nan bakinsa daban, maganarsa daban. Kaina ke juyawa."

Wannan ba ƙorafin tsufa ba ne, kuma ina so a ɗauke shi da muhimmanci. Mai raunin ji yana cike gurbin abin da kunne ya rasa da kallon leɓe, ko bai san yana yi ba. Haɗuwar leɓe a harafin b da m, buɗewar baki a wasali, duk suna taimaka masa ya rarrabe kalmomi. Idan murya ta zo bayan hoto biyar, taimakon ya koma ruɗani. Mutanen da suka fi kowa buƙatar na'urar kunne a tele su ne jinkirin ya fi cutarwa.

Muka auna. Hanyar ba ta buƙatar komai sai salula. Ana samun gajeren bidiyon gwaji mai walƙiya da ƙara a lokaci guda, a sa shi a tele, a manna kunnen na'urar a makirfon salula, a ɗauki allon da hoto 60 a sakan. Sannan a buɗe abin da aka ɗauka a manhajar yanka bidiyo mai nuna zanen sauti a ƙasa, a ƙirga hotuna nawa ne tsakanin walƙiyar da tsinin ƙarar. Kowane hoto kusan milisakan 17 ne. Yana da kyau a fara yin gwajin da lasifikar tele, salula tana kusa da ita, don a san ko ita salular tana da nata kuskuren sai a cire shi. A gidan nan tazarar ta fito hoto 13, wato kusan milisakan 220. Ta wuce iyakar 185 ɗin nan.

Mataki na biyu shi ne wanda yawancin mutane suke tsayawa a kai. Ɗan ya samo ƴar na'urar tura sauti, akwatin da bai kai na ashana biyu ba, mai ɗauke da tambarin aptX Low Latency, ya jona ta a mafitar optikal ta bayan tele. Da farko shiru. Dalili shi ne tele tana fitar da sautin Dolby Digital ta wannan mafita, su kuwa irin waɗannan ƙananan na'urori ba su iya warware shi. Aka shiga menu aka mai da tsarin fitar sauti zuwa PCM, murya ta fito. Amma jinkirin kusan bai motsa ba. A jikin akwatin akwai ƙananan fitilu, kowace da sunan kodek a ƙasanta, kuma wadda ke ci ita ce ta SBC.

Abin da ya faru shi ne, duk lokacin da na'urori biyu suka haɗu, kowace tana faɗin kodek ɗin da ta iya, sai su tsaya a kan wanda dukansu suka sani. Akwatin ya iya aptX Low Latency, na'urar kunnen dattijo ba ta iya ba, sai suka koma SBC da babbar ajiyarsa, ba tare da wani gargaɗi ba. Shi aptX Low Latency, wanda ya fito daga kamfanin CSR da Qualcomm ya saya a 2015, yana sauko da jinkiri zuwa kimanin milisakan 40, hoto ɗaya na tele ke nan. Yana yin haka ne musamman ta hanyar ƙanƙanta ajiya a ɓangarorin biyu, kuma dole ne duka biyun su kasance da shi. Sunan ma yana da ƴan uwa masu ruɗarwa. aptX zalla yana ɗan ragewa amma ba shi ba ne. aptX HD da LDAC na Sony an yi su ne don ingancin sauti, ba sa magance makara. aptX Adaptive, da ya fito a 2018, yana kaiwa wajen milisakan 80, wanda ya isa kallon labarai da fim, amma akwati mai Low Latency kaɗai idan ya haɗu da na'urar kunne mai Adaptive kaɗai, yawanci aptX zalla suke komawa. Na'urorin kunne na Apple kuwa ba su da aptX kowane iri.

Kafin a sake kashe kuɗi sai muka gwada abin da ba ya cin ko dala. Muka cire akwatin daga bayan tele muka jona shi a mafitar sauti ta dekoda, mai ja da fari. Yanzu sautin yana barin dekoda kai tsaye zuwa Bluetooth, bai bi ta tele ba balle ta riƙe shi, shi kuwa hoton yana can yana shan gyare-gyaren tele. A nan ba a buƙatar bidiyon gwaji: a bar lasifikar tele a kunne, a ɗauki sautinta da na na'urar kunne a lokaci guda, sai a ga tsini biyu a zanen, tazarar da ke tsakaninsu ita ce amsar. Ta sauko zuwa wajen 135. Wato wannan tele tana riƙe hoto kimanin milisakan 85, kuma mun ci ribarsu duka. Jinkirin Bluetooth bai ragu da ko ɗaya ba, hoton ne ya zo ya same shi a hanya. Dattijon ya ce yanzu ana iya kallo, ko da yake idan an matso da fuskar mai magana kusa yana ganin saura.

A wannan haɗi akwai tarkon da ya kamata a sani. Yanayin hoto da ake kira Game Mode yana kashe gyare-gyaren tele don hoto ya fito da sauri, wani lokaci cikin milisakan 10 zuwa 20. Wanda ya ji an ce yana rage jinkiri zai kunna shi da kyakkyawar niyya, sai tazarar ta ƙaru, domin ya hanzarta hoto ya bar sauti a baya. Mai ɗaukar sauti daga dekoda da SBC, yanayin fim mai gyare-gyare da yawa ne abokinsa.

Daga baya wani ɗan uwansu ya aiko da na'urar kunne mai aptX Low Latency daga Yamai. Fitilar akwatin ta koma kan LL, wato Low Latency. Sai lissafin ya juye: sauti yana makara da 45, hoto yana makara da 85, sauti ya riga hoto da kimanin 40. Wannan yana dab da iyakar 45 da ido ke fara kamawa, kuma riga ya fi makara ciwo. Maganin shi ne a mai da akwatin mafitar tele, inda sauti ke fita tare da hoto, sai ya zama ya makara da 45 kawai, abin da ba wanda ke gani. Wurin jonawar da ya yi daidai da kodek mai nauyi shi ne ya zama kuskure ga mai sauri.

Saura abin da ake rubutawa a kwalin ƙananan ekutar, irin su Game Mode ko Low Latency Mode da wata lamba kamar 45 ms. Wannan ba kodek ba ne. Ekutar ce ke rage tata ajiyar idan an danna ta sau biyu ko uku, kuma tunda a ɓangarenta abin yake, yana iya aiki da kowace tele. Ya cancanci gwaji, domin sau da yawa yana cire wani kaso mai kyau. Amma lambar kwalin ba lallai ta haɗa da ajiyar da ke cikin tele ba, kuma abin da aka rage a jinkiri ana biyansa da yankewa: idan akwatin Wi-Fi yana kusa da tele, ko ka fita tsakar gida bango ya shiga tsakani, za ka fara jin sauti yana tsinkewa. Mai da Wi-Fi zuwa 5 GHz idan akwatin ya iya, ko nisanta shi daga tele, yana taimaka wa wannan. Haka nan ya kamata a bambance jinkiri tsayayye da mai ƙaruwa. Wanda yake daidai daga farkon shiri zuwa ƙarshe na ajiya ne. Wanda yake farawa kaɗan ya yi ta girma, sannan ya koma daidai idan an kashe an kunna, alamar sigina mai rauni ce ko manhajar na'ura mai matsala, kuma sauya kodek ba lallai ya warkar da shi ba.

Lambar Bluetooth ita kaɗai, 5.0 ko 5.3, ba ta faɗin komai game da makara, domin sautin yana iya bin tsohuwar hanyar nan mai babbar ajiya, wadda ake kira A2DP, da SBC ko da a sabon guntu. Sabon abu na gaske shi ne LE Audio, wanda aka sanar a 2020 aka kammala ƙa'idojinsa a 2022. Kodek ɗinsa LC3 ne, yana yanka sauti milisakan 7.5 ko 10, kuma kowane ƙunshi yana da wa'adi: idan bai iso a kan lokaci ba sai a bar shi a ci gaba, maimakon a tara ajiya mai yawa ana jiransa. Yana buƙatar Bluetooth 5.2 ko sama, amma samun 5.2 ba ya nufin na'ura tana da shi. Sai an ga sunan LE Audio ko LC3 ko Auracast a rubuce, a tele ko akwatin turawa, kuma a na'urar kunne.

Wanda yake kallon fim daga ordinata da aka jona da tele yana da sauƙi fiye da kowa: a VLC na Windows maɓallin `j` yana gabato da sauti milisakan 50 a kowace dannawa, `k` yana mayar da shi baya, don haka danna `j` sau huɗu yana share jinkirin 200. Ga mai wasan gem a tele kuwa, inda ba a iya riƙe hoto, 80 ma yana da yawa. A nan na fi ba da shawarar a bar Bluetooth gaba ɗaya, a nemi na'urar kunne mai zuwa da nata ɗan makulli na USB ko nata gindin da ake jonawa a tele, waɗanda suke da tasu hanyar rediyo mai jinkirin goman milisakan kaɗan. Sai dai a lura, ramin USB na tele da yawa ba ya fitar da sauti, don haka makullin a jikin na'urar gem ake sa shi. Idan kuma kujerar mai kallo ba ta wuce mita uku ko huɗu daga tele ba, doguwar igiya daga ramin 3.5 mm ba ta ƙara jinkiri ko kaɗan, ba ta buƙatar caji, kuma a tele da yawa ana iya zaɓa a menu ko lasifika za ta ci gaba da yi wa sauran mutanen gida aiki yayin da igiyar take jone.